Wasiƙar da na karanta a gaban iyayen yara

Ni hedimasta ne a wata makarantar firamare da ke wani ƙauye a ƙasar Auyo, a Jihar Jigawa. A ƙauyen aka haife ni, a makarantar na yi karatu, kuma a ƙasa na zauna tun daga aji ɗaya har aji huɗu, allo a kan cinya. Mahaifina ya rasu ina ƙarami, Innata ce ta riƙe ni da kuɗin dakau da saƙar tabarma har na gama Kwalejin Ilimi ta Gumel na dawo gida da aikin koyarwa. Abin da zan ba da labarinsa ya fara ne da damina ta 2022.

Duk wanda ke zaune a bakin Kogin Haɗeja ya san ruwa yakan yi gyara, amma na wannan shekarar ya wuce abin da dattawanmu suka saba gani. Ciyawar kacalla ta daɗe da toshe hanyoyin ruwa, ga damina mai ƙarfi, sai kogin ya tumbatsa ya bi gonaki, daga nan ya shigo gari. Gidajen ƙasa ba sa jure kwana a cikin ruwa. Katanga takan jiƙe daga ƙasa, ta yi ciki, sannan ta zauna. Gidana ya faɗi a dare na uku. Makarantarmu tana kan tudu kuma ginin bulo ce, saboda haka ni da kaina na buɗe azuzuwa shida na ce mutane su shiga. Mata da yara a ciki, maza a baranda.

A lokacin muna da benci 55, irin mai haɗe da tebur. Na san adadin domin ni nake ƙirga su a ƙarshen kowane zango in rubuta a littafin kayan makaranta. Kwanakin farko an jingine su a bango an shimfiɗa tabarmi. Da kwana ya tura, itacen girki ya ƙare, kara da kirare duk suna cikin ruwa, yara na kuka da yunwa. Wata safiya na ga an ɓalle ƙafar wani benci da dama ya karye an hura wuta. Na tsaya na duba, na kau da kai na wuce. Shirun nan nawa shi ne izini. Bayan karyayyun suka ƙare aka shiga masu lafiya.

A aji biyar Inna take kwance. Zazzaɓi ya kama ta, ga tsufa, ga sanyin siminti, hanya kuma sai kwalekwale. Kwana huɗu ta yi Allah ya karɓi abinsa. Da muka je tudun da aka haƙa kabari, babu busasshen itacen da za a jera a rufe ta kafin a zuba ƙasa. Na koma makaranta na ɗauki guduma na ɓamɓare saman benci biyu da hannuna, na ɗora katakon a ka. Da su aka rufe Inna.

Da ruwa ya janye mutane suka watse, benci tara na ƙirga, su ma ba wanda bai ji rauni ba. Aka ce kowane hedimasta ya rubuta rahoton ɓarnar da aka yi masa. Na rubuta cewa ambaliya ta lalata benci 46. Ruwa kuwa bai taɓa ko ƙafar benci ɗaya ba. Na gaya wa kaina cewa rufin asirin mutanen gari nake yi, kuma akwai gaskiya a ciki, amma nawa asirin ne kan gaba. Na aika da rahoton, na bi shi da takardar neman sababbi, na zauna jira.

Watannin da suka biyo baya su ne mafi nauyi a rayuwata. Yara 312 suka dawo zaman ƙasa. Wanda bai taɓa koyarwa ba zai ce ai zama zama ne. Yaron aji ɗaya zai iya koyon baƙaƙe a kan tabarma, amma ɗan aji shida da ake so ya rubuta insha'i shafi guda ya yi lissafin rabawa mai tsawo, idan littafinsa na kan gwiwa, rubutunsa karkacewa yake yi, biro ya huda takarda, bayan minti ashirin bayansa ya gaji ya kwanta rub da ciki. 'Yan mata manya kuwa kunyar zaman suke ji a gaban malamai maza, sai na ga suna raguwa ɗaya bayan ɗaya. Ni kuma na kasa shiga aji biyar. Idan na zo ƙofar sai ƙafata ta yi nauyi, in aika wani malami. Barci ya ƙaurace mini, aka auna ni aka ce hawan jini. Sau biyu ina rubuta takardar neman canjin wurin aiki in yage.

Ban nemi komai a wurin iyaye ba. Da wane baki? Mutanen da damina ta tafi da gero da dawa da riɗinsu, suna kwana a rumfar leda, a ce su kawo kuɗin benci? Shugaban ƙungiyar iyayen yara ne, wani dattijo da ya yi zamani da mahaifina, ya same ni a ƙarƙashin darbejiyar makaranta wajen ƙarshen sanyi. Ya ce, "Malam, mun zauna a ƙofar gidan dagaci. Mu muka ci bencin nan da tuwo, mu za mu mayar." Na ce, "Baba, ai lalura ce, ba wanda ya bi ku bashi." Ya ce bashin jikokinsu ne, ba nawa ba ne da zan yafe.

Lokacin ne ake fama da ƙarancin takardar kuɗi saboda canjin fasalin naira a farkon 2023, mutum na da akuya ya rasa mai saye da kuɗi hannu. Saboda haka ƙungiya ta ce a jira amfanin rani, kowa ya kawo abin da ya samu. Danshin da ambaliya ta bari ya taimaki masu noman rani, aka sami shinkafa da alkama daidai gwargwado. Ɗakin ajiyar makaranta ya zama rumbu. Ma'ajin ƙungiya yana zaune da littafi, mai tiya biyu ya auna, mai rabin buhu ya auna, har aka haɗa buhu 18. Mata suka zuba kwasa ɗaya ta adashinsu gaba ɗaya. Aka ba da awaki uku, aka kai kasuwar Gujungu ranar Lahadi. Samarinmu da ke ci-rani a Legas da Fatakwal suka turo nasu ta waya. Na roƙi abu ɗaya tun farko, cewa kada sisi ya bi ta hannuna ko na wani malami. Kuɗin iyaye ya tsaya a hannun iyaye, ni nawa in faɗi abin da makaranta ke buƙata.

An yi ciniki da kafinta a kan benci 50. Kuskuren da aka yi shi ne ba a sayi katakon duka a lokaci ɗaya ba, an ba shi rabin kuɗi ya fara. Ranar 29 ga Mayu aka cire tallafin man fetur, kuɗin mota da na katako da na ƙusa suka tashi a mako guda. Ragowar kuɗin bai kai ba, aka tsaya a kan 40. A wajen aikin kuwa na sa baki a abu uku. Na ce a fara kawo guda ɗaya samfur, na zaunar da mafi gajarta a aji huɗu da mafi tsawo a aji shida. Ƙafar ƙaramar tana lilo ba ta taɓa ƙasa, sai aka rage tsayin na aji huɗu. Na ce kada a yi da ɗanyen katako, domin yana bushewa zai banƙare ya tofar da ƙusa, ana gane shi da nauyi da sanyi a hannu. Na uku, a shafe ƙafafun da baƙin mai saboda gara, don a ƙasarmu hutu ɗaya ya ishe ta ta cinye ƙafar benci daga ciki.

Mutum uku ke zama a benci ɗaya, wato yara 120. Aji huɗu su 48 ne, suka sami 16. Aji biyar 42, suka sami 14. Aji shida 30, suka sami 10. Lissafin littattafai ma a kan benci muka ɗora shi, tunda ba za a iya saya wa kowane yaro nasa ba. Kowane benci littafin Turanci ɗaya, na Lissafi ɗaya, na Hausa ɗaya, na tsakiya ya riƙe, na gefe su leƙa, duka 120 ke nan. Na rubuta wa waɗanda za su je Sabon Gari a Kano aji da darasi dalla-dalla, don kada su kwaso abin da ba ya cikin manhaja. Suka ƙaro da littafin rubutu dozin 26, kowane yaro a makarantar ya sami ɗaya.

Kayan sun iso bayan Babbar Sallah, a amalanken shanu, sahu huɗu. Daren nan na zauna rubuta wasiƙar godiya, kuma a nan na gane rubuta ta ya fi rubuta rahoto wuya.

Ta farko da Turanci na yi ta, irin wadda muka saba aika wa ofis, na jera sunayen mutum bakwai da suka fi bayarwa. Da safe na kai wa Baba shugaban ƙungiya na fassara masa. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya tambaye ni ko na san wata gwauruwa da ke bayan masallaci. Na ce na san ta, 'ya'yanta biyu suna wajenmu. Ya ce tiya biyu ta kawo, kuma tiya shida ce duk abin da ke ɗakinta a ranar. "In ka kira mai buhu biyu a gaban yara ka tsallake ta, 'ya'yanta za su tsaya suna jiran sunan uwarsu har ka naɗe takarda. In kuma ka kira ta ka ce tiya biyu, gobe da shi za a tsokane su." Ban da abin cewa. Na dawo na yage.

A ta biyu na cire sunan kowa, na ambaci kowane irin hannu da aka sa, da mai hatsi da mai akuya da mai adashi da mai amalanke, yadda kowa zai ji kansa a ciki ba tare da an nuna shi da yatsa ba. Na rubuta ta da Hausa, tunda masu ita Hausa suke ji. Na sa adadi daidai, domin mutumin da ya auna hatsinsa yana da haƙƙin jin me ya zama, kuma adadin da aka faɗa a gaban jama'a da wuya wani ya zo daga baya ya rage shi. Sai na sami kaina na rubuta sakin layi guda ina cewa har yanzu azuzuwa uku na ƙasa, muna fata za a ƙara taimakawa. Na daɗe ina kallonsa. Godiyar da aka ɗaura wa roƙo a wutsiya, mai saurare roƙon kawai yake tafiya da shi gida. Na bar gaskiyar cewa ƙananan suna ƙasa, don ba zan ɓoye ta ba, amma na cire neman ƙari.

Abin da ya hana ni barci shi ne layin da ke bayanin yadda aka yi muka rasa na da. Na rubuta "bayan ambaliya ta lalata mana benci", hannuna ya tsaya. Mutanen da zan karanta wa duk sun san ba haka aka yi ba. Sun sayar da abincinsu don su gyara abin da suka ɗauka laifinsu ne su kaɗai, ni kuma da na buɗe ƙofa, na kau da kai, na ɗauki guduma, zan tsaya a gabansu da farar riga in karɓi kyauta kamar baƙon da ya zo daga baya. Matata ta ce in bar abin da ya wuce, kada in jawo wa kaina takardar tuhuma. Tsoron nan na gaske ne, da albashin nake ciyar da mutum tara. Na yi sallar dare, na yi wa Inna addu'a, da asuba na sake layin.

Ranar Litinin muka sa, da ƙarfe bakwai da rabi, lokacin asambile. An shiga noman fari, ba a tsare manomi da dogon taro, saboda haka na yi alkawarin ba za mu wuce rabin sa'a ba. Maza suka zo da fartanya a kafaɗa suka tsaya ta gabas, mata suka zauna a inuwar darbejiya, dagaci da liman a kan kujera. Muka fito da bencin duka 40 fili, kowanne an rubuta masa lamba da aji da fenti, littattafan kuma an buga musu hatimin makaranta an jera a kai. Bayan addu'a da taken ƙasa na buɗe takarda. Ga abin da na karanta, ban canza komai ba:

"Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe dagaci, Allah gafarta Malam liman, Baba shugaban ƙungiya, iyayenmu maza da iyayenmu mata.

"A madadin malamai da yara 312 na wannan makaranta, ina shaida a gaban 'ya'yanku cewa mun karɓi benci 40, littafin karatu 120 da littafin rubutu 312 daga hannun ƙungiyar iyayen yara. Aji huɗu sun sami benci 16, aji biyar 14, aji shida 10. Aji ɗaya zuwa uku za su ci gaba da zama a tabarma, sai tsofaffin benci tara da muka gyara da kanmu, waɗanda za mu sa a aji uku.

"Bencinmu na da ba ruwa ne ya ci su ba. An dafa wa yaran nan abinci da su lokacin da babu itace, ina gani ban hana ba. Biyu daga ciki ni na ɓamɓare su da hannuna aka rufe mahaifiyata. A rahoton da na aika na rubuta cewa ambaliya ce, kuma na rubuta wata takarda na gyara wannan magana. Bashin da kuka biya har da nawa a ciki.

"Muna godiya ga wanda ya auno shinkafa da wanda ya auno alkama, da wanda ya kamo akuya daga turke, da iyayenmu mata da suka haƙura da kwasar adashi, da 'yan'uwanmu na ci-rani, da waɗanda suka ɗaura shanu suka ɗauko kaya kyauta. Ba mu kira sunan kowa ba, domin wanda kuka yi dominsa ya san ma'aunin kowa. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wanda bai gode wa mutane ba bai gode wa Allah ba.

"Mun ɗauki alkawari cewa a ƙarshen kowane zango za mu ƙirga kayan nan tare da wakilan ƙungiya, mu faɗa muku abin da ya karye da abin da ya ɓata. Allah ya saka muku da alheri, ya ba mu damina mai albarka, ya jiƙan waɗanda muka rasa."

A wajen ambaton Inna muryata ta sarƙe, na tsaya na ɗan lokaci. Ba wanda ya yi motsi. Da na gama ba a yi tafi ba, liman ne ya ɗaga hannu aka shafa fatiha. Na ninke kwafi ɗaya na miƙa wa Baba da hannu biyu, ɗaya na liƙa a littafin tarihin makaranta. Ya karɓa ya sa a aljihun gaba, ya ce, "Malam, da ka tambaye mu a ranar, da mu muka ɗauko maka katakon." Sannan ya juya ya ce wa yara su ɗauki kayansu.

Duk da zaman da na yi a kan wasiƙar, na yi mantuwa. Ban ambaci matan da suka sheƙe hatsin suka ɗure a buhu ba, kwana biyu suna yi a rana. Wata gwaggona ce ta tare ni a hanyar rijiya ta gaya mini ba tare da kwana-kwana ba. Litinin ta gaba na faɗa a asambile, na ce kowane yaro ya kai saƙon gida, na kuma rubuta a ƙasan kwafin da ke littafin tarihi. Da na karanta wa mace ɗaya daga cikin ƙungiyar kafin ranar, kamar yadda na karanta wa Baba, da ba a yi haka ba.

Takardar gyaran rahoton kuwa, an kira ni an yi mini tambayoyi, an ja mini kunne a kan rubuta abin da ba shi ne ya faru ba, na amsa laifina na dawo bakin aiki. Hawan jinin yana nan ina shan magani. A ranar asambile ɗin, da 'yan aji biyar suka kinkimi bencinsu, ɗaya ya maƙale a ƙofa. Na kama musu gefe guda muka shigar, sai na ga ina tsaye a tsakiyar ajin, a kusurwar da tabarmar Inna take. Na jera benci biyu a wurin, na ɗauki alli na rubuta kwanan wata a allo, na koyar da darasin farko.

'Yan matan da suka daina zuwa, biyar sun dawo kafin ƙarshen zangon, biyu ba su dawo ba. Ƙirgar da muka yi ta baya-bayan nan da ma'ajin ƙungiya, benci 40 suna nan, mai lamba 27 ne aka sake wa ƙafa. Littafin Lissafi huɗu sun yage, mun ɗinke uku da zare, na Hausa ɗaya ya ɓata, uban yaron ya ce zai biya idan ya sayar da zoɓo.